Yaushe ɗalibi baƙo ya fi shan wuya?

Mai son rubuta kundin digiri kan ɗaliban da ke karatu a ƙasashen waje yakan fara da taken da ya fi ƙarfinsa, kamar "matsalolin ɗalibai baƙi". Gara ya tsaya kan tambaya guda: a wane wata ne harshe da sabon tsarin karatu suka fi ba su wahala?

Tambayar tsohuwa ce. A 1955 Sverre Lysgaard ya tattauna da 'yan Norway da suka yi karatu a Amurka, ya ce baƙo kan fara da murna, ya shiga ƙunci, sannan ya saba. Sai dai bai bi su wata-wata ba.

A 1998 Colleen Ward da abokan aikinta sun bi ɗaliban Japan a New Zealand tun ranar saukarsu, suka sake tambayarsu bayan wata 4, 6 da 12. Wahalar ta fi tsanani ne a farkon zuwa.

Wanda zai gwada wannan dabara ya ware shekara guda, ya kuma ɗauki mutane da yawa, domin wasu za su daina amsawa a hanya.