Ko Kun Sani? Fulatanci Na da Rukunan Suna Sama da 20

Bahaushe na raba sunaye gida biyu, namiji da mace, amma Fulatancin Adamawa na da rukunan suna sama da 20, kuma babu ruwansu da jinsi. Mutum a rukunin o yake, saniya nge, ruwa ɗam. Abin burgewa shi ne yadda rukunin ke bin jimla har ƙarshe. A harshen Swahili, wanda shi ma ke da rukunan suna, ana cewa "Kisu kikali kimoja kimepotea", wato wuƙa mai kaifi guda ta ɓace. Idan wuƙaƙe biyu ne, sai kowace ki ta koma vi: "Visu vikali viwili vimepotea". Maimaicin nan ne ke nuna wa mai sauraro sunan da kowace kalma ke bayani a kai. Hausa ma na yin nata: farin doki ya zo, farar akuya ta zo, fararen dawaki sun zo.