Bayan Rahoton Odita: Wa Ke Bin Sawun Gyara?

A shekarar 1994, masu binciken cikin gida na bankin Barings, tsohon banki da aka kafa a Landan tun 1762, sun je duba reshensa na Singafo. Sun tarar da wani matashi, Nick Leeson, shi ke saye da sayarwa da kuɗin banki a kasuwa, shi ne kuma ke kula da sashen da ke rubuta lissafin cinikin. Sun rubuta cewa wannan haɗari ne, a raba ayyukan biyu. Shugabanni suka amsa da to, amma ba a raba ba. Zuwa ƙarshen shekarar, asarar da Leeson ya ɓoye a wani asusu mai lamba 88888 ta kai fam miliyan 208. A watan Fabrairu na 1995 ta kai fam miliyan 827, bankin ya rushe, aka sayar da shi ga kamfanin ING a kan fam ɗaya.

Masu binciken sun ga matsalar, sun kuma faɗe ta a rubuce. Abin da aka rasa shi ne wanda zai koma bayan wata uku ya tambaya: an yi ko ba a yi ba? In an ce an yi, ina shaida? In ba a yi ba, wa ya kamata ya sani? Tambayoyin nan uku su ne aikin bin sawun shawarwarin bincike, kuma a nan ake gane ko binciken ya haifar da gyara ko takarda kawai aka tara.

Rajistar da ba ta mantuwa

Mu ɗauki misalin wani asibiti. Odita ya gano cewa kashiya guda ce ke karɓar kuɗin magani, ita ke rubuta rasidi, ita ke kai kuɗin banki, ita ce kuma ke daidaita littafinta da takardar banki a ƙarshen wata. Ba a ce ta ci kuɗi ba. Amma da za ta ci, ko ta yi kuskure, babu wanda zai gani. Shawara ita ce a ɗora aikin daidaitawar a kan wani ma'aikaci daban.

Mataki na farko shi ne a shigar da wannan cikin rajistar bin sawu. Ko littafi ne, ko jadawali a kwamfuta, abin da ya kamata ya ƙunsa iri ɗaya ne: lambar matsalar, bayaninta, girman haɗarinta, abin da aka yarda za a yi, mutumin da zai yi, da ranar da zai gama. Biyun ƙarshe su ne ake yawan yi wa wasa. In aka rubuta "sashen kuɗi" a gurbin mai alhaki, to babu mai alhaki, domin sashe ba ya amsa tambaya. A rubuta muƙamin mutum guda, misali babban akanta. In aka rubuta "nan ba da jimawa ba" a gurbin rana, babu ranar da za a ce an makara. A rubuta 31 ga Maris.

Alƙawarin gyaran ma dole ya zama abin da za a iya gani da ido. "Za mu ƙara sa ido" ba ya aunuwa. Wanda ke aunuwa shi ne a ce daga 1 ga Afrilu, wani akawu da ba ya taɓa tsabar kuɗi zai riƙa kwatanta jimlar rasidan kowace rana da takardar shigar da kuɗi banki, babban akanta ya duba ya sa hannu. Tun ranar da aka amince da wannan, odita ya faɗi irin shaidar da zai nema, don kada a yi jayayya daga baya.

Akwai ƙa'ida guda da ke tsare mutuncin rajista: ba a goge ranar farko. In an nemi ƙarin lokaci, a rubuta sabuwar rana kusa da tsohuwar, tare da dalili da wanda ya amince. Ma'aikatar da ke goge tsohuwar rana za ta riƙa nuna cewa babu abin da ya wuce wa'adi, alhali matsala guda ta shekara biyu ana ɗaga ta.

"An gyara" ba shaida ba ce

Ranar 31 ga Maris babban akanta ya aiko da takarda cewa an gyara, ya haɗa da kwafin sanarwar da ya raba wa ma'aikata. A nan ne masu bincike da yawa ke rufe fayil, kuma kuskure ne. Sanarwa tana nuna an yi niyya, ba ta nuna an yi aiki. Matsayin da ya dace a rubuta a rajista shi ne "suna cewa an gama, ana jiran tabbatarwa". Wanda ya yi gyara ba shi ke rufe matsala ba, mai bincike ne ke rufewa, domin gani ya kori ji.

Tabbatarwa tana da hawa biyu. Na farko, shin tsarin da aka kawo zai toshe ƙofar da aka gano? In akawun da aka naɗa yana ƙarƙashin kashiyar, ko shi ke riƙe mata akwati duk ranar da ba ta zo ba, to an sauya suna ne kawai. Na biyu, shin ana bin tsarin kullum? Wannan ba ya ganuwa a mako guda. Sai a bar shi ya yi aiki kamar wata uku, sannan odita ya koma.

Da ya koma a watan Yuli, shi da kansa ya zaɓi ranakun da zai duba, ba a zaɓa masa ba. Ya ɗauki ranaku 25 a warwatse daga Afrilu zuwa Yuni, har da ranakun ƙarshen mako da na hutu. Ya nemi takardar banki kai tsaye daga banki, ya sake haɗa lissafin da hannunsa. A ranaku 19 komai ya yi daidai. A ranaku 4 babu takardar daidaitawa sam, kuma duk huɗun Asabar da Lahadi ne. A ranaku 2 an sa hannu, amma kuɗin da suka shiga banki sun gaza jimlar rasidai, ba kuma wanda ya rubuta dalili.

Ranaku 6 cikin 25 kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu. Wannan matsala ba ta rufu ba. Sai dai gwajin ya nuna ainihin inda gizo ke saƙa: akawun ba ya aiki a ƙarshen mako, ba a kuma tanadi mai maye gurbinsa ba, sannan babban akanta yana sa hannu ba tare da ya duba ba. Ƙwararren odita yana lura da wasu alamu ma. Takardun wata guda da aka cika da biro ɗaya da rubutu iri ɗaya, babu lanƙwasa ko datti, sau da yawa a zama ɗaya aka rubuta su, da aka ji yana tafe.

Ba kowace shawara ce ke buƙatar irin wannan gwaji ba. Ƙaramin abu, kamar sa lamba a jikin kujerun ofis, hoto da ɗan leƙawa sun isa. Ƙarfin gwaji yana bin girman haɗari. Haka kuma odita ba ya karɓar aikin gyaran ya yi da kansa, ko da ya fi kowa sanin yadda za a yi, domin gobe shi zai duba aikin, kuma mutum ba ya zama alƙalin kansa.

Idan shugabanni sun ja ƙafa

Jinkiri iri-iri ne. Wani na gaskiya ne: ba a saki kuɗi ba, ko ba a ba da izinin ɗaukar ma'aikaci ba. A irin wannan, odita ya nemi matakin wucin gadi, misali a aro akawu daga wani sashe duk ƙarshen mako. Wani jinkirin kuwa alamarsa ita ce a ɗaga rana sau biyu sau uku da dalili iri ɗaya, ko a daina amsa takarda.

Shi ya sa ake shimfiɗa matakan kai ƙara tun kafin rigima ta taso, hukumar gudanarwa ta amince da su. Kowace ma'aikata tana tsara nata, amma ga siffarsu: wa'adi ya wuce, a tunatar da mai alhaki a rubuce, bayan kwana 30 a sanar da shugaban sashensa, bayan kwana 60 a kai wa shugaban ma'aikata, bayan kwana 90 a kai gaban kwamitin bincike na hukumar daraktoci, mai alhakin ya zo ya yi bayani da bakinsa. Matsala mai babban haɗari ba ta jiran wannan jeri, tsallakewa take yi. Amfanin tsarin shi ne babu mai cewa odita ya tsane shi, tunda kalanda ce ta kai shi gaba. Kyakkyawar al'ada ita ce a gaya wa mutum kafin a kai maganarsa sama, kada ya fara jin ta a ɗakin taro.

Shugabanni suna da ikon su ƙi gyara, su ce kuɗin gyaran ya fi asarar da ake tsoro. Wannan halas ne, da sharaɗin wanda ke da hurumi ya rubuta cewa ya san haɗarin kuma ya ɗauka. Sababbin ƙa'idojin duniya na binciken cikin gida, waɗanda suka fara aiki ranar 9 ga Janairu 2025, sun tanadi cewa in shugaban masu bincike ya ga haɗarin da aka ɗauka ya wuce kima, ya tattauna da manyan shugabanni, in ba a daidaita ba ya kai wa hukumar daraktoci. Yanke hukunci nasu ne. Nasa shi ne kada su ce ba su sani ba.

A Najeriya doka ta gina wannan tsani. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfanonin da jama'a ke da hannun jari a cikinsu kafa kwamitin bincike mai mutum biyar, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba sa cikin gudanarwar yau da kullum. A gwamnati, sashe na 85 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya miƙa rahotonsa ga Majalisar Dattawa da ta Wakilai, kowace ta ba kwamitinta na asusun jama'a ya duba. Sashe na 125 ya yi wa jihohi irin wannan tanadi. Mai bincike ba ya kora, ba ya ɗaurewa. Ƙarfinsa yana ƙarewa a inda waɗannan kwamitoci suka tsaya.

Saboda haka ɗan majalisa, mai hannun jari, ɗan jarida, ko mamban ƙungiyar gama kai da aka karanta wa rahoton bincike, kada ya tsaya kan sababbin matsalolin bana. Ya nemi jerin na bara. Guda nawa aka rufe, wa ya gwada su kafin a rufe, guda nawa suka wuce ranarsu ta farko, kuma wa ya sa hannu kan waɗanda aka ce ba za a gyara ba? Matsalar da ta fito a rahoto shekara biyu a jere ta daina zama laifin ƙaramin ma'aikaci, ta koma wuyan waɗanda aka sanar da su suka yi shiru.