Lambobi na ƙanƙancewa, jimilla na hauhawa

Akwai wani kuskure da kusan duk mai koyon lissafi yakan faɗa cikinsa, kuma ban ga laifinsa ba, domin hankali ne da kansa yake jan mutum zuwa can. Ana cewa: idan kana tara lambobi ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa, kuma kowace ta fi ta gabanta ƙanƙanta har suna kusantar sifili, to dole jimillar ta tsaya a wata iyaka. Wannan magana ba gaskiya ba ce.

Wani lokaci dai hakan na faruwa. Ɗauki yadi ɗaya, ka yanke rabinsa ka ajiye, ka yanke rabin abin da ya saura, ka ci gaba haka. Abin da ka ajiye shi ne 1/2 + 1/4 + 1/8 + 1/16, har illa ma sha Allahu. Kome yawan yankan da ka yi, tarin ƙyallen ba zai wuce yadi ɗayan nan ba, sai dai ya yi ta matsowa kusa da shi. Irin wannan jeri shi ne mai iyaka.

To ga wani, wanda masana ke kira jerin hamonik: ɗaya, da rabi, da sulusi, da rubu'i, da humusi, wato 1 + 1/2 + 1/3 + 1/4 + 1/5, a yi ta tafiya. Lambobinsa su ma sifili suka nufa. Ta miliyan ɗaya kashi ɗaya ce cikin miliyan. In ka tara goma na farko za ka sami kusan 2.93. Ɗari na farko, 5.19. Dubu, 7.49. Kafin jimillar ta haura 10 sai ka tara lambobi 12,367, kuma miliyan guda cur ba sa ba ka fiye da 14.4. Duk wanda ya zauna da na'urar lissafi zai rantse abin ya kusa tsayawa. Amma ba ya tsayawa. Faɗi duk adadin da ka ga dama, dubu ko biliyan, jimillar za ta wuce shi.

Wani malami Bafaranshe, Nicole Oresme, ya nuna dalilin haka wajen shekarar 1350, kuma hujjarsa tana burge ni saboda ɗan firamare ma zai iya bin ta. Maimakon ya dubi lambobin ɗai-ɗai, sai ya kasa su kashi-kashi. Ajiye 1 da 1/2 a gefe. Kashi na gaba lambobi biyu ne, 1/3 da 1/4. Sulusi ya fi rubu'i girma, saboda haka su biyun sun fi rubu'i biyu, wato sun fi rabi. Kashi na biye lambobi huɗu ne: 1/5, 1/6, 1/7, 1/8. Mafi ƙanƙanta a cikinsu sumuni ne, sauran ukun duk sun fi shi, don haka jimillarsu ta fi sumuni huɗu. Rabi ke nan kuma. Daga 1/9 zuwa 1/16 lambobi takwas ne, ba wadda ta gaza 1/16, kuma takwas cikin goma sha shida rabi ne.

Ka lura da abin da ke faruwa. Duk lokacin da ƙaramar lambar kashi ta ragu da rabi, yawan lambobin da ke cikin kashin ninkuwa yake yi, sai yawan ya biya abin da ƙanƙantar ta rage. Kowane kashi yana kawo aƙalla rabi, kuma kashin ba ya ƙarewa. Kana son ƙarin ɗari? Ɗebo kashi ɗari biyu. Za su yi tsawon da ba mai iya rubuta su, amma suna nan.

Saboda haka ƙa'idar fuska ɗaya take aiki. Idan lambobin ba su nufi sifili ba, kamar 1 + 1 + 1, an gama magana, jerin ba shi da iyaka. Idan kuwa sun nufi sifili, ba a san kome ba tukuna. Sai an duba saurin da suke ƙanƙancewa da shi.

Gwada dabarar Oresme a kan 1 + 1/4 + 1/9 + 1/16, inda ake ninka kowace lambar ƙasa da kanta, ka ga bambanci. A nan babbar lambar kashi za mu duba. 1/4 da 1/9 ba su kai rubu'i biyu ba, wato ba su kai rabi ba. Huɗu na gaba, daga 1/16 zuwa 1/49, ba su kai 4/16 ba, wato rubu'i. Takwas na biye ba su kai sumuni ba. Mun koma kan yankan yadi, don haka in an haɗa da ɗayan farko jimillar ba za ta kai 2 ba. Ainihin inda ta nufa ya daɗe yana gagarar masana, har sai da Leonhard Euler ya gano wajen 1735 cewa π²/6 ne, kimanin 1.645.