Ta Katse Karatun, ko Ta Ƙara "Wai"?

Ɗauki ƙaramin gidan rediyo a Tasawa, cikin damanar 2005. Ɗaki ɗaya ne mai makirfo, da yaro mai kula da na'ura a bayan gilashi. Ana saura minti biyar a shiga, aka miƙo wa mai gabatarwa takarda da Faransanci daga wani ofis, ba ta samu ta duba ba. Tana karantawa tana juyawa zuwa Hausa: an kai hatsi mai rahusa garuruwa kaza da kaza na Mayahi, kowane gida ya samu. A layi na huɗu sai ga sunan ƙauyensu, can bakin Gulbin Kaba. Shekaranjiya ta baro shi, ta bar innarta tana jiƙa anza.

Duk mai son rubuta gajeren labari a kan wannan mata, nan zai tarar hanya ta rabu biyu. Ko ta ajiye takardar ta ce wa jama'a ƙarya ce, ko ta karanta har ƙarshe amma ta yi wa maganar wani abu da bakinta. Na daɗe ina auna su, kuma ban same su da nauyi ɗaya ba.

Kafin a kai can, akwai sharaɗin da ya hau kan duka biyun: yaya aka yi ta gane? Ranar 9 ga Afrilu 1999, da aka harbe Shugaba Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin Yamai, Firaminista Ibrahim Hassane Mayaki ya shaida wa ƙasa ta rediyo cewa mummunan haɗari ne ya ritsa da shi. Ma'aikaciyar da za ta maimaita wannan daga Maradi tana iya yin zargi, amma ba ta da abin kamawa. Zargi kuwa ba ya ɗaukar labari. Yunwa daban ce. Ƙarancin ruwa da farin da suka ci amfanin 2004 sun bar jihar Maradi cikin tsakiyar matsalar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa a Nijar a 2005, amma a watan Agusta na shekarar Shugaba Tandja Mamadou ya ce wa BBC mutanensa da alamar ƙoshi. Wannan irin magana ce da mace za ta iya gwadawa da kuɗin tiyar hatsi a kasuwa da kuma tukunyar gidansu. Shi ya sa sunan ƙauyen ya zama dole a cikin takardar.

Hanya ta farko ita ce mai farin jini, domin an taɓa gani. A watan Maris 2014 Liz Wahl ta ajiye aikinta a tashar RT ana tsakiyar shiri, saboda yadda tashar ke ba da labarin Ukraine. Amma a Washington take. Matar Tasawa in ta fita, wanda ya aiko takardar ya san mijinta, ya san ubanta, wataƙila sahu ɗaya suke tsayawa ranar Juma'a. Sannan ga yaron bayan gilashi. Da ta ce "jama'a, wannan ba gaskiya ba ne", hannunsa yana kan maɓalli, daƙiƙa uku sun ishe shi ya rufe muryarta ya saki kiɗa. Marubucin da ya ba ta shafi biyu tana wa'azi a kan gaskiya bai taɓa shiga ɗakin watsa shiri ba.

Ba na raina wannan hanya. Tana da abu ɗaya da ɗayar ba ta da shi, wato babu mai sauraron da zai ruɗe. Tsohuwar da ke shirin ɗaura wa jaki buhu ta yi tafiyar yini don hatsin da babu shi, ta ji, ta fasa. Matsalarta ita ce labarin yana ƙarewa a wurin da ta yi ihun. Abin da ya rage, kora ce ko sammaci, mai karatu ya riga ya hango shi. Ga wata kuma: ƙauye ɗaya ta sani. Sauran garuruwan da ke takardar, mai yiwuwa an kai musu. In ta ƙaryata duka, ita ma ta faɗi abin da ba ta tabbatar ba.

Hanya ta biyu ta dogara da wani abu da aikin rediyo a Nijar ya ba marubuci kyauta. Takardun hukuma da Faransanci suke zuwa, masu sauraro Hausa suke ji, tsakaninsu kuwa bakin mutum ɗaya ne. Faransancin ya ce an raba hatsi. Ita za ta iya cewa "an raba hatsi", ko "sanarwar ta ce an raba hatsi", ko "wai an raba hatsi". Duk Bahaushe ya san tazarar da ke tsakanin ukun nan. Na farko ta ɗauki maganar a kanta. Na biyu ta mayar wa mai ita. Na uku ta riƙe ta da yatsa biyu kamar tsumman da aka tsinta a hanya.

Ga yadda zan so in ga an tafiyar da shi. Layi uku na farko ta karanta su sumul. A na huɗu ta yi shiru na numfashi ɗaya, shirun da a rediyo ya fi minti tsawo, har yaron ya ɗago kai. Sai ta ce "wai", ta faɗi sunan ƙauyensu a hankali, ta wuce. A ƙarshe ta ƙara jimla ɗaya da ba ta cikin takarda: duk wanda rabonsa bai iso ba, ƙofar gidan rediyo a buɗe take. Ba ta ƙaryata kowa ba. In an kira ta gobe, za ta ce fassara ta yi, wanda ya rubuta takardar kuma ba zai iya nuna kalmar Faransancin da ta sauya ba. Mai karatu yana nan cikin fargaba har shafin ƙarshe, domin bai san ko an ji ba, bai san ko wa ya ji ba.

Aibinta a fili yake. "Wai" mafakar matsorata ce ma, 'yan tsegumi da ita suke cin abinci. Kuma rediyon da ke rataye a reshen gawo, batir ya yi sanyi, iska tana kaɗawa, harafi uku suna iya ɓacewa, tsohuwar nan ta ɗaura wa jakinta buhu ta kama hanya. Marubucin kirki ba zai ɓoye wannan ba. Zai ma iya rufe labarin da ita, tana isowa ƙofar gidan rediyo da buhu wayam, tana tambayar yarinyar da ta yi magana jiya.

A nan ne na ga ta biyun ta rinjaya. A hanya ta farko matar ta wanke kanta, mai karatu ya tafa mata, an tashi. A ta biyu ba ta wanku duka ba, kuma gobe da ƙarfe bakwai za ta sake zama gaban makirfon da wata takardar. Marubutanmu na Tasawa da Mayahi da suka ga 2005 da idonsu, in za ku rubuta labarin nan, ku bar ta ta karanta takardar har ƙarshe.