Yadda Ƙaramar Hukuma Ke Tsara Kasafin Kuɗinta Na Shekara

Idan mai karatu ya ga rijiyar burtsatse da aka fara haƙawa aka bari, ko ɗakin shan magani da ya tsaya a linta, sau da yawa asalin ciwon yana cikin wata takarda ce da aka rubuta tun watanni kafin a ɗora bulo na farko, wato kiyasin kuɗin shiga.

Shekarar kuɗi ta gwamnati tana farawa ran 1 ga Janairu, ta ƙare ran 31 ga Disamba. Saboda haka tun wajen ƙarshen damina akan aika wa shugabannin sassa takardar umurni, cewa kowa ya kawo bukatun sashensa na baɗi. Sashen ayyuka, da na lafiya, da na ilmi, da na noma, kowanne ya rubuto nasa. Shi kuwa ma'aji aikinsa shi ne ya faɗi nawa ake sa ran zai shigo baitulmali.

Kuɗin na zuwa ta hanya biyu. Akwai kason da ake rabowa kowane wata daga asusun tarayya, inda ƙananan hukumomi 774 ke raba kashi 20.6 cikin ɗari, ban da rabonsu na harajin kayan masarufi. Akwai kuma abin da hukuma ke tarawa da kanta, kamar kuɗin rumfunan kasuwa, da tashar mota, da mahauta. Na farkon shi ne mafi tsoka nesa ba kusa ba, amma yana hawa da sauka tare da kuɗin man fetur. Na biyun kuwa ana iya lissafa shi. Misali, kasuwa mai rumfa 400 a kan Naira 2,000 kowane wata, a takarda za ta kawo Naira miliyan 9.6 a shekara. Amma in rumfa 300 ne kaɗai ake biya, miliyan 7.2 ke nan. Ma'ajin kirki yakan duba rasit na bara da na bana kafin ya rubuta adadi.

To, a nan gizo ke saƙa. Bukatun sassa kullum sun fi kuɗi yawa, kuma kowane kansila yana son a ga aiki a mazaɓarsa. Maimakon a rage bukatu, sai a kumbura kiyasi don lissafi ya daidaita. Mu ɗauka wata hukuma ta rubuta za ta sami Naira biliyan 5. Ta ware biliyan 3 don albashi, har da na malaman firamare, miliyan 800 don hidimomin yau da kullum, sannan biliyan 1.2 don manyan ayyuka. Shekara ta ƙare, biliyan 4.4 ne suka shigo. Albashi ba ya jira, man motocin ofis ma ba ya jira, don haka giɓin miliyan 600 ɗin nan duk a kan manyan ayyuka zai faɗa. An yi kuskuren kashi 12 cikin ɗari wajen kiyasi, amma rabin ayyukan raya ƙasa ne suka mutu.

Bayan ma'aji ya haɗa daftari, shugaban hukuma da muƙarrabansa su yi masa gyare-gyare, sai shugaba ya gabatar da shi gaban majalisar kansiloli. A yi masa karatu na ɗaya da na biyu, a miƙa wa kwamiti, wanda zai kira shugabannin sassa kowa ya kare abin da ya nema. Nan ne ya kamata kansila ya yi tambaya guda: nawa aka kiyasta bara, nawa kuma aka samu? Abin takaici, a wurare da dama akan wuce wannan mataki cikin zama ɗaya. In an yi karatu na uku, shugaba ya sa hannu, ya zama dokar kasafi.

Sai dai sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1999 ya bar wa jihohi tsara dokokin ƙananan hukumominsu, shi ya sa a jihohi da yawa daftarin kan bi ta Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi tukuna. Kuɗin ma sun daɗe suna bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, amma ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

Dokar kasafi izini ce ta kashe kuɗi, ba kuɗin ne a hannu ba. Kowane sashe yana da littafin da ake rubuta abin da aka ware masa da abin da ya rage, kuma ba a yarda a ɗauki kuɗin gyaran kasuwa a sayi mota ba sai da izini. In ambaliya ta cinye gada tsakiyar shekara, dole shugaba ya koma gaban kansiloli da ƙarin kasafi, ya kuma faɗi inda kuɗin za su fito.