Idan masu ƙoƙari suka faɗi tambaya, a fara tuhumar tambayar

Yawancinmu malamai da mun gama makin gwaji sai mu cika rajista, mu mayar wa yara takardunsu, shi ke nan. Amma takardun nan suna iya nuna wace tambaya ce ta yi aikinta, wacce kuma ta cuci yara. Lissafi biyu kawai ake buƙata.

Na farko shi ne ma'aunin wuya: adadin waɗanda suka ci tambayar, a raba da yawan 'yan aji. A ajina na JHS 2 yara 40 ne, 22 suka ci tambaya ta 7, wato 0.55. Ba ta cika sauƙi ba, ba ta cika wuya ba. Da wannan kaɗai mutum zai duba, sai ya ce lafiya lau.

Na biyu, ma'aunin bambancewa, shi ya tona asiri. Ana jera takardu daga babban maki zuwa ƙarami, a ware kashi 27 cikin 100 na sama da kashi 27 na ƙasa, yadda Truman Kelley ya ba da shawara a 1939. A aji 40, yara 11 ke nan kowane ɓangare. Sai a cire adadin na ƙasa da suka ci daga na sama da suka ci, a raba da 11. Daga 0.40 zuwa sama tambaya ta yi kyau. Ƙasa da 0.20 tana neman gyara.

A tambaya ta 7, na sama 5 suka ci, na ƙasa 8: (5 − 8) ÷ 11 = −0.27. Wato raunana sun fi masu ƙoƙari cin ta!

Tambayar, wadda na tarar a tsohon fayil ɗin ajin, cewa ta yi: wace siffa ce ke da gefe huɗu masu tsawo ɗaya? Amsar da aka ajiye ita ce murabba'i, amma cikin zaɓin akwai rombus, mai kama da daimon ɗin karta. Duk yara 6 na sama da aka ce sun faɗi rombus suka zaɓa, kuma gaskiyarsu, shi ma gefensa huɗu daidai suke. Na ƙasa kuwa sunan da suka saba ji suka kama. Gyaran bai wuce ƙara "kuma kowace kusurwarta digiri 90 ce" ba. Duk wanda ya zaɓi rombus na ba shi makinsa.

Sai dai a yi hattara. Da rukunin yara 11, yaro ɗaya tak yana motsa ma'aunin da 0.09, don haka 0.18 da 0.27 ba wani nisa ba ne. Tambayar da kusan kowa ya ci kuma dole bambancewarta ta yi ƙasa. In abin da ka koyar ne aka gane, bar ta. Ni dai sai tambaya ta sake faɗuwa a wani ajin nake cire ta daga fayil.