Me Ya Sa Shuɗin Haske Ya Fi Ja Nawa a Cikin Gilashi?

A sararin da babu komai, haske na gudun kilomita kusan 300,000 a sakan ɗaya, kuma kowane launi gudunsa ɗaya. Da zarar ya shiga gilashi sai labari ya sha bamban. A gilashin da ake kira BK7, wanda ake yin idon na'urorin hangen nesa da shi, jan haske na yin kilomita wajen 198,000 a sakan, shuɗi kuwa wajen 197,000. Wannan ɗan bambanci shi ke raba farin haske launi-launi a gilashi mai kusurwa uku, kamar yadda Isaac Newton ya gwada a 1666, kuma irinsa ne a ɗigon ruwa ke haifar da bakan gizo.

Masana na auna wannan nawa da lamba guda, wadda suke rubutawa da harafin n. Ana raba gudun haske a sarari da gudunsa a cikin abu, abin da ya fito shi ne ma'aunin karyewar haske. Na ruwa 1.33 ne, na lu'ulu'un daiman 2.42. Na BK7 kuwa 1.5143 ne ga jan haske, 1.5224 ga shuɗi. To, me ke rage wa haske gudu, kuma me ya sa ragin ya danganta da launi?

Amsar da har yau ake koyarwa ta fito ne daga Hendrik Lorentz, masanin kimiyyar fiziks ɗan ƙasar Holan, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1902. Gilashi ba ya wuce da wutar lantarki, domin elektiron ɗinsa ba sa yawo kamar na wayar tagulla. Kowanne a ɗaure yake da ƙwayar zarrarsa. Amma ɗaurin ba na kafewa ba ne. Idan aka tura elektiron zai ɗan gusa, sai wani ƙarfi ya jawo shi ya koma mazauninsa, kuma iya nisan gusawar iya ƙarfin jawowar. Duk abin da ke da wannan hali yana da saurin kaɗawa nasa na kansa.

Wanda ya taɓa tura yaro a lilo ya san wannan. Lilo na da lokacin da yake ɗauka ya je ya dawo. In kana tura shi a hankali ƙwarai, zai bi hannunka ne kawai, ba zai yi nisa ba. In turinka ya kusanci lokacinsa, sai zuwansa ya riƙa ƙaruwa. In ya zo daidai, sai ya tashi sama, ƙarfinka duka ya shige cikinsa. In kuma ka wuce shi da sauri, sai ya kasa binka, kana turawa gaba yana dawowa baya, motsin ma ya ragu.

Mai turin elektiron shi ne hasken kansa, domin haske ƙarfin lantarki ne mai kai da komo. Jan hasken da muka ambata yana kaɗawa sau tiriliyan 457 a sakan, shuɗin sau tiriliyan 617. Elektiron da ke kaɗawa shi ma yana fitar da nasa hasken, mai saurin kaɗawa daidai da wanda ya motsa shi. Idan aka tara abin da dukkan elektiron na wani siririn sashe na gilashin suka fitar, sai a ga ya makara da rubu'in zagaye. Haɗuwarsa da hasken asali kan ba da haske guda wanda ya ɗan ja baya. Kowane sashe ya ƙara tasa makarar, sai jimillar ta bayyana a matsayin raguwar gudu. Saboda haka ba karo haske ke yi da ƙwayoyin zarra ba, da karo ne da ya watse, ba za a ga komai ta cikin taga ba. Iya girman kaɗawar elektiron, iya girman n.

Lissafin, idan an ajiye batun asarar ƙarfi gefe, gajere ne:

```
n² = 1 + A / (1 − (f/f₀)²)
```

A nan f saurin kaɗawar haske ne, f₀ na elektiron ne na kansa, A kuma ya danganta da yawan elektiron a gilashin da taurin ɗaurinsu. A gilashi f₀ yana can sama da abin da ido ke gani, a yankin altarabayolet. Mu ɗauka sau tiriliyan 3,000 ne a sakan. Ga ja, 457 a raba da 3,000 ya ba da 0.152. A ninka shi da kansa a cire daga ɗaya, saura 0.977. Don a sami 1.5143 da aka auna, dole A ya zama 1.263. Yanzu mu gwada shuɗi da wannan A ɗin. Rabon ya zama 0.206, abin da ya saura a ƙasa 0.958. A raba 1.263 da shi, a ƙara ɗaya, an sami 2.319, wanda tushensa 1.5228 ne. Abin da aka auna 1.5224. Shuɗi ya fi kusa da saurin elektiron, don haka ya fi kaɗa shi, ya fi makara, ya fi lanƙwasa.

Lissafin na nuna inda zai gaza. Idan f ya yi daidai da f₀, abin da ke ƙasa ya zama sifili, n ya tafi ba iyaka, abin da ba ya faruwa. Dalili shi ne elektiron na asarar ƙarfi yayin kaɗawa, yawanci ya zama zafi. A nan ne abu ke shanye haske maimakon ya bar shi ya wuce, shi ya sa gilashin taga ke tare yawancin altarabayolet mai gajeren zango. A cikin wannan yanki kuma tsarin kan juye, n ya riƙa raguwa yayin da f ke ƙaruwa. Christian Christiansen ya ga haka a 1870 a wani jan rini da aka narkar a alkohol, inda jerin launukan ya birkice. Gaba da f₀ kuwa, elektiron na motsi akasin turi, n ya faɗo ƙasa da ɗaya kaɗan, kamar yadda yake ga hasken hoton ƙashi na asibiti. Wannan gudun tudun igiyar ne kawai, saƙo ba ya wuce gudun haske a sarari.

Haka nan abu na gaske ba f₀ ɗaya gare shi ba. Gilashi na da wani a yankin infirared, inda ƙwayoyin zarra masu nauyi ne ke kaɗawa, shi ya sa masu ƙera gilashi ke amfani da lissafin Sellmeier mai gaɓa uku. Ruwa ma misali ne. Ga igiyar rediyo mai dogon zango n ɗinsa ya kai kusan 9, domin ƙwayoyin ruwan gaba ɗaya na juyawa su bi turi. Ga hasken da ido ke gani ba sa iya juyawa da wannan sauri, sai elektiron kaɗai su amsa, n ya sauka zuwa 1.33.

Tsarin Lorentz bai iya faɗin f₀ na kowane abu da kansa, sai an auna, ko a lissafa da ilimin kwantam da ya zo bayansa. Amma a aikace ana ganin sakamakonsa. Idon tabarau ko na kyamara mai gilashi ɗaya kan tara shuɗi kusa, ja nesa, sai gefen abubuwa ya fito da zanen launi. Maganin, wanda John Dollond ya yi wa rajista a 1758, shi ne a haɗa gilashi iri biyu masu bambancin rarraba launi, ɗaya mai tara haske ɗaya mai baza shi, yadda ja da shuɗi za su haɗu a wuri guda.